Tallan Malam Shitu da Filin Hanyar Bakori

Shagona na taki yana jikin rumfar dillalan filaye a Funtua, don haka abin da zan faɗa a kan Malam Shitu ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

Ɗan siririn dattijo ne, da tsohon mashin da igiyar awo a ɗaure a baya. Tun yana saurayi yake dillanci, kuma har yau gidan haya yake. Dalili kuwa, shi da aibin fili yake fara talla. Abokan sana'arsa suna masa tsiya, wai mai sayar da akuya ba ya cewa tana tari. Shi dai sai ya yi murmushi. Amma duk wanda ya ga talla a waya da sunan Shitu a ƙasa, hankalinsa kwance yake saye.

Bara da rani wani matashi, Almustapha, ya kawo masa filin da ya gada. Shitu ya je ya auna, ya tambayi maƙwabta, ya ga mai unguwa, sannan ya rubuta:

"Fili ƙafa hamsin da ɗari, hanyar Bakori, tafiyar minti goma a ƙasa daga kwalta. Akwai takardar rabon gado ta kotu da shaidar mai unguwa. Babu takardar mallaka ta gwamnati, mai saye ne zai nema. Da damina ruwa yana bi ta gefen gabas, a tambayi maƙwabta. Ana raɗe-raɗin za a yi titi, ni ban ga takarda ba, ba na alkawarin kuɗinsa zai tashi."

Almustapha ya karanta, ya ɓata rai.

"Baba, talla na ce ka yi mini ko ƙarata ka kai?"

"Ɗana, abin da ke wurin na rubuta. Mai buƙatarsa a haka zai zo, sai dai kuɗin ba zai kai yadda kake so ba."

A makon nan matar Shitu, Hansai, ta kwanta asibiti a Malumfashi, ya tafi jinya. Sai Almustapha ya kai filin wurin wani dillali, Abubakar, mutumin da in ya ce maka gari ya waye sai ka leƙa. Abubakar ya kwafe tallan, ya goge maganar ruwa, ya mai da takardu "cikakku", ya ƙara "bakin sabon titi, baɗi kuɗinsa zai ninka". Ya canza lambar waya. Sunan Shitu kuwa ya bar shi daram a ƙasa. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai na ji zuciyata tana tafasa. Ka saci fili ma da sauƙi, amma sunan da mutum ya tsufa yana tattali?

Wanda ya faɗa tarkon shi ne Raufu, Bayarabe haifaffen garin nan, mai gyaran injin niƙa, wanda tun yana yaro yake kiran Shitu Baba. Abubakar ya ce masa Malam yana jinya, shi ya wakilta. Raufu ya ga rashin ta-ido ne ya dami mai jinya da maganar fili. Ya je ya gani a watan Maris, ƙasa a bushe ƙayau. Bai tambayi kowa ba, ya biya, ya fara ɗora bulo.

A watan Agusta ruwa ya bi hanyarsa ta kullum, ya kwashe bangon gabas har da tushe.

Ina zaune Raufu ya shigo rumfar, wando duk taɓo. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, na san yadda ake tambayar maƙwabta. Sunanka na gani, shi ya sa ban tambaya ba."

Shitu ya nuna masa tallan asali a wayarsa. Raufu ya karanta har ƙarshe, ya miƙa masa wayar, ya ce ya yarda, amma yarda ba ta tayar da bango.

To, ka ji hukuncin dillalai da aka zauna. Wai Abubakar gyara talla ya yi, kuma mai saye ai da idonsa ya gani. Wai laifin Shitu ne da yake koya wa mutane sakaci. Ka ji fa rashin kunya. Na tashi zan yi magana, aka ce mai taki ba shi da baki a nan.

A gari kuwa ba wanda ya tsaya bin diddigi. Abin da ya yaɗu shi ne filin Shitu ya ci ginin Raufu.

Yanzu Shitu ba ya rubuta talla. Da muryarsa yake ɗauka a waya, don kada a goge masa komai, kuma har yau da aibin yake farawa. Jiya wani ya zo neman fili, Shitu ya lissafa masa komai tsaf, takardu da hanya da inda ruwa ke bi. Mutumin ya saurara, sannan ya matso kusa da shi.

"To Malam, ban da waɗannan, me kuma ka ɓoye?"

Shitu ya miƙe. Ya ɗaure igiyarsa a bayan mashin, ya tafi gida tun kafin azahar.