Kabbarorin da Inna ba ta ji

Ni a littattafan soyayya na fara zuwa Idi. A cikinsu kullum akwai saurayi mai farar shadda da zai hangi yarinya a bakin fili, iska ta ɗan ɗaga mayafinta, shi ke nan aure. A gidanmu kuwa maza ne ke zuwa. Mu mata aikinmu tuwo da miya, mu tare su da barka da salla.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta dawo wurina a Kamazou. Kunnenta ya riga ya yi nauyi, sai an sa mata baki a kunne. Ana cikin azumi ta ce mini, "Auta, bana zan je Idi. Ina so in tsaya a sahu ko sau ɗaya kafin a kira ni."

Muka tafi ƙaramar Salla, ni da ita, babu wanda muka tambaya komai. Rana ta fara zafi, sai muka zauna a inuwar wani shago daga wajen fili muna jiran a kira salla. Ni ina ta kallon masu farar shadda. Sai kawai na ji liman ya ɗauki karatu. Kafin in tayar da Inna, mu ratsa tsakanin motoci, mu sami inda za mu shimfiɗa darduma, an yi sallama. Mutane na ta gaisawa, ita tana tsaye da dardumarta a hammata.

Da yamma yayana ya zo daga Unguwar Mu'azu. Da ya ji labari sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Kiran salla kuke jira? Ai da har yanzu kuna can! Idi ba kira, ba iƙama. Liman na isowa sai kabbara."

Ya sunkuya wajen kunnen Inna ya ce mata ba komai, wanda ya rasa Idi yana iya yin raka'o'insa biyu a gida.

"A gida na yi duk sallolin duniya," in ji ta. "Ba shi na nema ba."

Ranar na ƙudurta cewa babbar Salla ba za ta wuce mu ba. Na tsare Yaya ya yi mini bayani daki-daki. Raka'a biyu ce, a bayyane ake karatu. A ta farko kabbara bakwai ne har da ta harama, duk kafin Fatiha. A ta biyu shida ne har da wadda ake miƙewa da ita. Babu nafila a fili, ko kafin salla ko bayanta. Huɗuba kuma bayan salla take zuwa, saɓanin ta Juma'a.

"To a wace kabbarar ake ɗaga hannu?" na tambaye shi.

"A yadda muka taso, ta farko kaɗai. Za ki ga wasu na ɗagawa a kowacce, su ma suna da hujjarsu."

Nan na gane inda matsalar take. Duk sallar da Inna ta bi a baya, da ido take bi: a sunkuya ta sunkuya, a ɗago ta ɗago. Waɗannan kabbarori kuwa a tsaye ake yin su cak. Sahun mata can baya yake, ko rawanin liman ba a hange. Wanda bai ji ba, babu abin da zai gani.

Sai muka yi dabara. Zan tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita. Duk kabbarar tsaye, in ɗan taɓa ta da gwiwar hannu. In ruku'u ya zo, in ja gefen hijabinta. Yaya ya ce ɗan motsi irin wannan don gyaran salla ba ya ɓata ta, in dai ban mai da shi dambe ba.

Duk Asabar yakan zo mu gwada a tsakar gida, shi ne liman. Ranar farko na zungure ta da ƙarfi har ta yi tangaɗi.

"Ke! Kabbara ce ko gaba kike da ni?"

Wata rana kuma hankalina ya tafi, ina saƙa yadda zan ɗaura ɗankwali, na tsallake guda biyu. Yaya ya waiwayo.

"Malama, kin tafi wurin mai shaddar ko? Ki ce masa ya jira a idar."

Shi ne ma ya hana ni turaren da na tanada, ya ce mata wanka da tsafta da tufafi masu kyau sun ishe su a filin Idi. Na mayar da kwalbar cikin akwati raina bai so ba.

Ya gargaɗe mu cewa ta layya an fi yin ta da wuri, don mutane su koma su yi yanka. Maƙwabcinmu, Kirista ɗan kudancin jihar nan mai tuƙa keke mai ƙafa uku, shi ya ce mu bar masa zancen hanya. Gari na wayewa ya buga ƙofa.

"Mama, oya mu tafi! Wannan karon ko liman sai ya same ku a can."

Na haɗa wa Inna shayi saboda sanyin ruwan da aka kwana yi. Ta ture kofin. Ta riƙe abin da Yaya ya faɗa: a ƙaramar Salla ake cin wani abu kafin a fita, a babba sai an dawo. Muna tafe tana kabbara a hankali, keke na faɗawa cikin kwatami tana ci gaba.

Mun sami sahun farko na mata. Ciyawa jiƙe take, sai da muka shimfiɗa leda ƙarƙashin darduma. Wata ta tashi za ta yi nafila, ta kusa da ita ta jawo ta ta zauna. Ban kalli ɓangaren maza ba ko sau ɗaya, kunnena na kan lasifika.

Aka ce a daidaita sahu. Muka miƙe. Liman ya yi kabbarar harama, na taɓa Inna, ta ɗaga hannu. Ya yi ta biyu, sai matar da ke damanta ta tafi ruku'u, wasu biyu suka bi ta. Na ji jikin Inna ya fara karkata. Shekara da shekaru idonta take bi, ga shi idon ya ce mata ta sunkuya. Na manna gwiwar hannuna a jikinta, ban ɗauke ba, hijabinta kuma ban taɓa shi ba. Ta tsaya. Ta miƙe sosai, na ji ta ce Allahu Akbar a ƙasan maƙoshi. Daga nan muka tafi tare har ta bakwai, waɗancan suka ɗago a kunyace.

A raka'a ta biyu sai da na taimaka mata ta tashi daga sujada, gwiwoyinta na ƙara. Biyar da suka rage bayan ta miƙewa duka ta same su. Wannan karon tare da ita aka yi sallama.

Liman ya tashi huɗuba, rabin mata suka fara naɗe darduma, kowa na tunanin rago. Na yi mata alama ko mu tafi, tunda sauraron mustahabbi ne, ita kuma ba ji take ba. Ta dafe mini cinya. Muka zauna har ya gama, ta fuskanci gabas, tafukanta a kan gwiwa.

Mai keke ya ɗauko hanyar da muka zo, Inna ta bugi ƙarfen bayan kujerarsa.

"Ɗana, canza hanya. Ba a komawa ta inda aka zo."

Ya yi dariya ya karya kan keken. Na sa baki a kunnenta ina ba ta labarin huɗubar, irin dabbar da ta isa layya, da rabon nama ga maƙwabta da mabukata. Ta gyaɗa kai, ta ce a fara kai wa mai keken nan rabonsa. Can ta dube ni ta gefen ido.

"Mai shaddar fa? Ya zo?"

Na ce ban duba ba.

"Ƙaramar Salla mai zuwa kya duba," in ji ta. "Amma sai an yi sallama. Kafin nan gwiwar hannun nan tawa ce."