Hoton Sanarwa Daga Libiya

Ƙarar faɗuwar ludayin surukata na fara ji, sannan ihu a ƙofar gidanmu a Maigatari. An kawo hoton sanarwar Larabci daga Libiya, wai an kashe wani ɗan Najeriya. Ƙanin mijina ya karanto lambobin daga dama: shekara 35, ran 21 ga wata. Aka ce mijina ke nan, mai shekara 35, wanda ya tafi can ran 15. Direban da ya kai shi yana wurin, dangi suka rufe shi da duka, har suka fasa masa kai.

Na fizge hoton. Na san a Larabci kalmomi ake bi daga dama, lamba kuwa daga hagu. "Ku bari! Shekara 53 ne, ran 12!"

Ina wanke wa direban jini 'yata ta ce, "Umma, wancan ɗin da aka kashe ba shi da 'ya'ya?"