Allon A Rage A Ƙara

Shekara goma sha biyu wata tela tana zaune a ƙarƙashin wani allon katako da aka rubuta wa "A Rage A Ƙara", kuma kullum allon nan cin ranta yake. Ita da ke yanka riga ba ta ko zana alli, a ce an san ta da sa zik da toshe hammata? Ranar da ƙanwar mijinta ta kira ta mai faci a gaban baƙi, sai telar ta sauke allon, ta jefa bayan teburin guga, ta kafa wani mai ruwan zinare: "Fadar Ado ta Zamani".

Suna kuwa sai da kayansa. Ta sayi injin da ke datse gefen yadi yana ɗaure shi, cikin riga ya fito tas kamar wajenta. Da can yatsa uku na rarar yadi take bari a kowane gefe, ta kwantar da shi da dutsen guga, yanzu injin ya lashe. Ta kuma buga katin awo, kowace mace a rubuta mata ƙugunta da ƙirjinta ɓaro-ɓaro ta tafi da shi gida.

Wata guda, ƙura ta fara hawa keken ɗinkin. Mata na zuwa da ledarsu, su ɗaga kai, su wuce sumui-sumui. Wa zai shiga fada da siket ɗin da ya yage? Tsoro ya kama telar sosai, har ta fara zargin maƙwabciyarta mai kitso da kore mata mutane.

Ana nan sai ga wata tsohuwar malamar makaranta, wadda ke kawo ɗinki wurinta tun buɗe shagon. Ba ta zauna ba. Ta dire katin a kan teburin yanka, ta ce jikokinta sun tsince shi, kwana uku suna rera lambar ƙugunta a tsakar gida. Sabuwar rigar da telar ta ɗinka mata ma ta matse ta, ta juya rigar ta duba ciki, babu abin buɗawa ko na ƙwayar zarra.

"Ƙanwata, shekara goma sha biyu ina ƙiba a hannunki, ba ki taɓa gaya min ba. Sai ki farke gefe, ki ce yadin ne ya tsuke a wanki. Kin zaci ban sani ba? Ai don haka nake zuwa."

Kunya ta rufe telar, ta rasa inda za ta sa ido. Malama ta zaro wata tsohuwar riga daga leda, ta tambaya ko a fadar ana karɓar irin wannan.

Telar ta jawo allon katakon, ta kakkaɓe shi, ta jingina a bakin ƙofa. Ta zagaya ƙugun Malama da tef, babban yatsanta a kan lambar. Sannan ta juya rigar, ta sa reza a ɗinkin gefe, yatsa ukun nan na kwance suna jira.

"Malama," ta ce, "wannan yadin akwai shi da tsukewa."