Jadawalin Madam Milka

Shekara ashirin da shida Madam Milka tana koyar da ƴan aji shida a Sabon Garin Maraɗi. Daga Tibiri take zuwa kullum a kan babur ɗin haya, kabu-kabu, da jaka cike da gutsattsarin kwali da yara ke zana jadawalin lissafi a kai. Ba ta da tsawo, amma muryarta har bakin titi ake jin ta. Doka ɗaya gare ta: ba a kwafar jadawalin wani, kowa ya gina nasa.

Jadawalin layi uku ne. Ka rubuta 1/4, ka raba na sama da na ƙasa ka sami 0,25, ka ninka da ɗari ka sami 25%. In komawa za ka yi, 25% shi ne 25/100, ka rage shi ya zama 1/4. Haka yara ke bi da 1/2, 3/4, 1/5, har hannunsu ya saba.

Ranar jarrabawar gwaji, tana farfajiyar makaranta aka fito da ɗalibarta Tahira tana kuka. Mai tsaron ɗakin, wani malami daga wata makaranta, ya ga jadawali a takardar da take gwada lissafi a kai, ya ce satar amsa ce, sifili za a ba ta. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari! Takardar ma masu tsaron ne suka raba ta fara fat da safe, ga hatiminsu a kai, amma bawan Allahn nan ko dubawa bai yi ba.

Ran Madam ya ɓaci ƙwarai. Ta ja hannun Tahira har ofishin darakta, shugaban makarantar.

"Mushe, ɗiyata ba ɓarauniya ba ce," in ji ta, don Mushe ake kiran malami namiji a can. "Ku ba ta farar takarda."

Aka ba ta. Tahira ta share hawaye, ta ja layi uku, ta cika su tana rabawa a gefe. Mai tsaron, da ya biyo su, ya leƙa, ya dangwala yatsa a lissafin ƙarshe.

"Ga kure nan. Ɗaya bisa takwas ai 0,8 ne."

"Mi?" Madam ta ce. "Tahira, raba mashi."

Takwas cikin goma, ɗaya, saura biyu. Cikin ashirin, biyu, saura huɗu. Cikin arba'in, biyar. Ta rubuta 0,125, ta sa 12,5% a gabansa.

Darakta ya yi gyaran murya, ya ce yarinya ta koma ɗaki, a ƙara mata mintocin da ta rasa. Ba wanda ya ba ta haƙuri, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Madam rai. Tana juyawa sai ta ga mai tsaron yana ninke takardar a hankali, zai sa aljihu.

Ta miƙa hannu.

"Kawo, Mushe. Na Tahira ne. Ga kwali, ka gina naka."