Ba-Zama da hoton farashi na uku

Ƙanwata wanki da guga ne sana'arta tun tana budurwa. Ba-Zama muke ce mata, don ko cin abinci a tsaye take yi. Daga aji uku aka cire ta a makaranta, amma lissafi a ka ban ga wanda ya kai ta ba. Ni da na gama sakandare sai na ɗauko biro.

Bana ta zame a bakin famfo, ƙafarta ta karye. Aka ɗaure ƙafar, aka ce ta kwanta. Ta ƙi kwanciya, ta sa aka ajiye mata kujera da bahuna a tsakar gida, tana wanki a zaune tana faɗa. Kwastomomi suka watse, sai wani ƙaramin masaukin baƙi da take wanke wa zannuwan gado. Manajan ya ce in aka makara ko sau ɗaya zai ba mai injin wanki aikin.

Wankin mako yana cin garin sabulu kilo huɗu da rabi. Ranar da nake magana dubu goma sha biyu ce kawai a hannunta, ga zannuwa jibge a ƙofar ɗaki. Da ƙafarta ƙalau, da ta zaga babban kanti ta duba kowace takardar farashi da ke manne a kantar kaya. Dole ta aiki mijinta, tsohon direba, wanda ya yi imani babban ƙunshi kullum ya fi araha. Ta ce kada ya taɓa komai, ya ɗauko mata hoton takardun ya turo.

Ina zaune kusa da ita tana ta juya waya, tana sosa gefen ɗaurin ƙafa da tsinken tsintsiya. Hotuna uku suka shigo, duk sabulu iri ɗaya. Na farko kilo biyu, dubu shida da ɗari huɗu. Na biyu giram ɗari biyar, dubu ɗaya da ɗari huɗu. Na uku giram ɗari huɗu, dubu uku, da babban yatsan mijin a gefen hagu.

Ita ba ta kallon kuɗin ƙunshi, nawa giram ɗari ya kama take nema. Kafin in buɗe biro ta ce babban ɗari uku da ashirin ne, ƙaramin ɗari biyu da tamanin, na ukun ɗari bakwai da hamsin. Wato ƙaramin ya fi araha. Amma tara take bukata, kuɗinsu dubu goma sha biyu da ɗari shida. Ɗari shida ta yi mata cikas, ni kuma kuɗin motar komawata kawai na riƙo.

Mijin ya kira, ya ce yana layin biya da babba guda ɗaya da ƙanana huɗu, kuɗin ya yi daidai cif, ai babba ba ya cuta. Ta ce masa kilo huɗu ke nan, sauran zannuwan da yawunsa za ta wanke? Na ce ta sayi ƙanana takwas ta rage hannu wajen zuba sabulu. Ta harare ni, ta ce farin zane ba ya rufa asiri.

Ta koma kan hoto na uku, ta buɗa shi da yatsu, ta kawo shi dab da ido.

"Yaya, sabulu ɗaya ba ya tsalle daga ɗari biyu da tamanin zuwa ɗari bakwai da hamsin. Akwai abin da yatsan nan ya danne."

Ta kira shi, ta ce ya fita daga layi ya sake ɗauka. Ya ce saura mutum biyu a gabansa, gwiwarsa kuma tana ciwo.

"Malam, kai gwiwa ce ke ciwo, ni tawa ƙafar a karye take. Koma, kuma ka janye wannan yatsa naka mai kama da taɓarya."

Muka jira. Ta yunƙura za ta tashi, na danne ta. Ta aike ni in ga ko ruwa ya zo, na je na dawo, ta sake aikena.

Hoton ya shigo. A inda yatsan ya rufe ɗazu an rubuta 3 ×. Ashe ƙunshi uku ne aka naɗe tare, giram dubu ɗaya da ɗari biyu a dubu uku. Ɗari biyu da hamsin ke nan duk giram ɗari. Naɗi huɗu dubu goma sha biyu daidai, kilo biyar ba giram ɗari biyu. Ta ce ya mayar da na hannunsa, ya ƙirga ƙunshi uku a kowane naɗi kafin ya biya.

Ya dawo yana cewa dama shi ma ya lura da na ukun. Ta yage leda da haƙori ta zuba a baho. Zannuwan sun isa masauki a kan lokaci. Amma tun suna kan igiya ba su bushe ba ta fara tambayarsa ko ya ga wani naɗin ya rage a kantin, don mako mai zuwa.