Bidiyon Sunan Jikar Mai Nasara

Tun Mai Nasara yana yaro, in aka raba tuwo babbar malmala yake kallo, ko ta kwana. Ɗan wana ne, makanikin baburan kabu-kabu a Zango, don haka ba ƙage nake masa ba. Shi ne ya taɓa yin musu da Ari kafinta wai firigon da ya sayo, wato firiji, zai shiga ƙofar ɗakin matarsa. Ari ya ce ba zai shiga ba. Mai Nasara ya ce, “Kai katako ka sani.” Aka kwantar, aka tayar, aka cire ƙyaure. Firigo dai yana zaure har yau, baƙi suna jingina da shi.

Bana aka haifa wa ɗansa mace, aka sa mata sunan uwar Mai Nasara, Iya Zuliha, wadda ciwon ƙafa ya zaunar a Zermu. Iya kuwa ba ta karɓar labarin baki. Ta aiko cewa sai ta ga waɗanda suka zo, ta kuma ji liman ya faɗi sunan da kunnenta, in ba haka ba wayo aka yi mata, sunan kakar wajen uwa aka sa.

Ranar suna kowa ya ɗauki guntun bidiyo da wayarsa, wani ya riƙe ta a tsaye, wani a kwance. Sai haɗa su, abin da yara ke kira montaj. Matar Mai Nasara, Munira, mai tallan turaren wuta a WhatsApp, ta ce, “Maigida, kawo in haɗa a waya. Akwai manhaja, kafin ka sha shayi na gama.”

“Waya?” in ji shi. “Uwata ce fa za ta kalla, ba masu sayen turare ba.”

Yana da wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da wani ɗan fansho ya yasar masa, baturinta ya mutu tun tuni. Aka gaya masa akwai manhajojin montaj na kyauta. Ya tambayi wadda manyan masu fim suke aiki da ita, ya ƙarar da forfensa na intanet wajen saukewa. Ya buɗe, ordinata ta yi nishi ta sandare, don kanta bai kai ba. Ya koma wata mara nauyi, yana ƙunƙuni kamar an rage masa sarauta. Wannan ta yi, sai dai hoton yana tafiya kamar mai ƙaya a ƙafa. Ya yini yana yanka yana jerawa, manya a gaba, aka ɗauke wuta, bai adana ba. Washegari ya sake daga farko.

Da ya gama ya danna “enregistrer”, wato adana, ya kwafi abin a katin waya, ya ba Habu direba mai zuwa Zermu. Har yana yi mini alfahari: “Gwaggo, dubi ƙanƙantarsa, kamar ba komai a ciki!” Ai kuwa ba komai. Abin da ya aika takardar aikin ce kawai, wadda take tuna wa manhaja inda za ta yanka. Guntayen bidiyon suna nan cikin ordinata. A Zermu aka gwada a wayar kowa, ba wadda ta san shi. Iya ta ce dama ta faɗa.

Nan Munira ta karɓe, tana taunar cingam. Ta zaɓi wani shiryayyen tsari a manhajarta, irin na tsaye, ta zuba guntayen, ta tura ta WhatsApp. Ya buɗe kuwa, ras! Amma tsarin ya datse komai bai kai minti ba, ya ɗora kiɗa a kan muryar liman, bakinsa na motsi ana rausaya. Waɗanda aka ɗauka a kwance ya yanke musu gefe da gefe. Ƙanwar Iya, wadda ta taso tun daga Garagumsa, kunnenta ɗaya ya fito. Kawu Ɗanladi gwiwarsa. Kafin la'asar dangi duk sun gani, kowa yana neman kansa.

A kwana na gaba Allah ya nuna wa Mai Nasara kalmar “exporter”, mai fitar da bidiyon kansa, wadda ke gabansa tun ranar farko. Ya danna, ya zauna yana roƙon kada a ɗauke wuta, yana yi wa ordinata fifita da murfin kwano. Bidiyo ya fito, dogo, kowa da fuskarsa. Bai yarda da Habu ba, ya hau babur da kansa. Iya ta sa aka maimaita mata wajen liman sau da yawa, sannan ta ce, “To. Amma ragon ƙarami ne.”

Ina gidan ya dawo, Munira ta tare shi da maganar da ba ta gaji da ita ba.

“Ka dai yarda waya ta fi. Nawa kafin ruwan shayi ya tafasa ya isa Zermu. Naka ko buɗewa bai yi ba.”

Mai Nasara ya cire hula ya shafa kai.

“Haka ne, uwargida. Nawa da bai buɗe ba Iya kaɗai ya ɓata wa rai. Naki da ya buɗe, je ki gaida Kawu Ɗanladi ki ga in zai amsa.”