Sunan Auta a Gefen Hoto

A ofishin mujallar ba wanda ke kiransa da sunan yanka, sai Rula. Tun zamanin da ake yanka hoto da almakashi a manna da gam yake tsara shafuka, kuma har kwamfuta ta zo bai yar da rular ƙarfen da ke aljihunsa ba. Dokarsa ɗaya ce a kowane shafi. Farin filin gefe ba a taɓa shi. Bayanin hoto ya zauna a ƙarƙashinsa, ya fara daidai da bakin hoton na hagu, sunan mai ɗauka kuma ya hau tsaye a gefen dama. Idan Edita ya ce a ɗan tura hoto cikin gefe don labari ya samu wuri, sai Rula ya ce, "Ranka ya daɗe, rage surutun dai, gefe ba kango ba ne."

Sunan da ya fi sakawa a gefen dama na ƙaninsa ne, Auta. Rula ne ya kawo shi ofishin, shi ya fara ɗora masa kyamara a wuya. Yanzu Auta ne ake tarewa a hanya ana yaba masa.

Wannan bai ci masa rai kamar bangon ɗakin Inna ba. Mahaifiyarsu ba ta karatu, amma ta haddace surar sunan Auta. Duk fitowar mujallar sai ta bi gefen hotuna da yatsa, in ta gan shi ta yanke ta liƙa a bango.

"Inna, shafin nan fa ni na tsara shi."

"Wanne ne naka a ciki?"

Ya nuna mata farin filin da ya kewaye hoton, da 'yar ratar da ke tsakanin hoto da bayani.

"Wurin da ba komai?" Ta dube shi da tausayi. "Allah ya sa dai suna biyanka."

Sunan Rula na cikin jerin ma'aikata a shafin farko, ƙarƙashin na mai tallace-tallace. Ba hoto kusa da shi, don haka Inna ba ta taɓa kai almakashi wurin ba.

Wata safiya Auta ya leƙo ta kafaɗarsa yana tauna biskit.

"Yaya, kada ka datse min saman hoton nan. Mutane suna lura da aikina."

"Mutane ko Inna?"

"Ita ma ai mutum ce." Ya fita yana dariya.

Rula ya zuba wa allon kwamfutar ido. Ba zai iya rage sunan Auta shi kaɗai ba, hannunsa ba zai yarda shafi ɗaya ya saɓa da sauran ba. Amma duk sunayen masu hoto salo guda suke bi a kwamfuta, in ka taɓa shi sau ɗaya, ko'ina ya sauya. Ya ƙanƙantar da harafin, ya mai da shi daga baƙi zuwa ruwan toka. A allo ya yi kyau ƙwarai. Edita ma ya ce abin ya yi zamani.

A takarda kuwa, injin bugu da ɗigo-ɗigo yake yin ruwan toka, sai siraran haruffan suka kakkarye, suka koma kamar sawun tururuwa.

Da Rula ya je gaishe da Inna ya tarar da mujallar a cinyarta, almakashi a gefe, ba ta yanki komai ba.

"Zauna. Me ɗan'uwanka ya yi musu?"

"Wa?"

"Sun kore shi kana ɓoye min. Na bi ta daga farko har ƙarshe, babu shi."

"Yana nan, Inna. Ga shi." Ya ɗora yatsa. Ta kai takardar har hanci, ta karkata ta wajen taga.

"Wannan datti ne. Wane mugun ne ya yi masa haka?"

Rula ya gyara zama. "Ba mugunta ba ce, tsari ne. Ni nake saka sunayen. Girmansu, wurinsu, duk a hannuna suke."

Ta sauke mujallar a hankali. Rabon da ta kalle shi haka, har ya manta.

"Kai? Duk waɗancan na bango, kai ka rubuta?"

"Ni ne."

"Ashe babban mutum ne kai a wurin." Rula ya fara murmushi. Sai ta dafa gwiwarsa. "To alhamdulillahi, abu ya zo gida. Na gaba ka rubuta nasa da manyan baƙaƙe, ya fi na kowa."

"Ba a yin haka, Inna. In na ƙara nasa, sai na ƙara na kowa."

"Ƙara musu mana, su ci albarkacinsa."

Washegari ya mai da salon zuwa baƙi, ya kuma ƙara girman harafin ya ɗara na da. Mujalla ta fito, Inna ta yanki hotuna har da na bangon mujallar na baya. Yanzu in baƙi suka shigo takan nuna musu.

"Duk na Auta ne. Yayansa ke rubuta masa suna."